Raba 192.168.10.0/24 gida takwas: aikin da muka yi wa wani asibiti a Gombe

Asibitin mai zaman kansa ne, a cikin garin Gombe, kuma tun ranar da aka fara sa masa kwamfuta komai a tukunya ɗaya yake. Kwamfutar ɗakin kati, ta kantin magani, ta ɗakin gwaji, ta ofishin kuɗi, ta likitoci, duk suna kan rukunin adireshi guda, `192.168.10.0/24`. Rauta tana kan `192.168.10.1`, sabar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya tana kan `192.168.10.10`. Haka aka yi shekaru ana tafiya, har ranar da akanta ya zauna a wata kwamfutar ɗakin kati don ya buga takarda, ya ga babban fayil ɗin albashi na ofishinsa yana buɗuwa daga can ba tare da an tambaye shi komai ba. A ranar manaja ya kira ni.

"Injiniya," in ji shi, "so nake kowane sashe ya tsaya a gidansa. Mai kati kada ya ga na kuɗi, mai kuɗi kada ya ga na gwaji. Amma kowa ya iya kaiwa ga saba."

Hanya mafi sauƙi a irin wannan aiki ita ce a ba kowane sashe nasa cikakken rukunin, wannan `192.168.20.0/24`, wancan `192.168.30.0/24`, a wuce wurin. Adireshin cikin gida ba saye ake yi ba. Tun 1996 takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1918 ta ware `10.0.0.0/8` da `172.16.0.0/12` da `192.168.0.0/16` don kowa ya yi amfani da su a cikin gidansa. Da hannuna a sake yake, abin da zan yi ke nan. To amma asibitin yana da reshe a wani gari, an haɗa su ta intanet, kuma wanda ya tsara haɗin ya ba Gombe wannan rukuni ɗaya tak. Can ɓangaren ba su san wata hanya zuwa Gombe ba sai ta `192.168.10.0/24`. Ga kuma adireshin saba da aka rubuta a cikin manhajar kowace kwamfuta, a nan da can reshen. Saboda haka rukunin ba zai canza ba, saba ba za ta motsa ba. Abin da ya rage shi ne a yanka abin da ke hannu.

Manaja ya ƙara sharaɗi ɗaya, cewa rabon ya zama daidai wa daida. Na yarda da shi ba don adalci tsakanin sassa ba, sai don wanda zai riƙa kula da wurin bayan na tafi ma'aikaci ne guda da ke haɗa wannan da wasu ayyuka. In duk yankunan girmansu ɗaya, maski ɗaya zai haddace, lamba ɗaya zai riƙa ƙarawa.

Ƙirga kafin lissafi

Ina da wani yaro ɗalibi da ya zo koyon aiki a wajena na wata shida. Shi na riƙe wa littafi muka bi ɗaki ɗaki. Ba mutane muka ƙirga ba, duk abin da ke cin adireshi muka ƙirga: kwamfuta, firinta, injin gwajin jini mai kebul a bayansa, har suwic ɗin da ake shiga cikinsa a saita shi. Ɗakin kati 11, kantin magani 7, ofishin kuɗi 9, ɗakin gwaji 14, likitoci da gudanarwa 21. Ɗakin saba kuma, wanda manaja bai lissafa a matsayin sashe ba amma dole ya samu nasa yankin, yana da 6. Jimla 68. Sassa biyar da ɗakin saba, yanki shida ke nan ake bukata.

Wayoyin ma'aikata ba su shiga wannan ƙirga ba, kuma da gangan ne. Na ware musu wani rukuni daban wanda intanet kawai yake fita, ba ya zuwa reshe, ba ya taɓa saba. Da an bar waya ta shigo, likita ɗaya zai iya cin adireshi uku shi kaɗai, kuma duk lissafin da ke ƙasa da ya rushe tun kafin a fara.

Muka zauna a benci a bakin ɗakin saba, na miƙa wa yaron biro na ce ya raba. Bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta 256, ya raba da 6, ya samu 42 da saura 4. Ya jera: yanki na farko daga 0, na biyu daga 42, na uku daga 84.

"Oga, ga shi. Kowa ya samu 42, har da ragowa."

Lissafinsa na makaranta daidai ne, amma babu na'urar da za ta karɓe shi. Na tsaya a nan sosai tare da shi, domin wanda ya gane dalilin da ya sa 42 ba za ta yiwu ba ya gama gane rabin aikin.

Adireshin IPv4 bit 32 ne, wato gurbi 32 da kowanne ko dai 0 ne ko 1, an kasa su huɗu, takwas takwas, shi ya sa muke ganin lamba huɗu da ɗigo a tsakani. Wannan `/24` da ke ƙarshe, salon rubutun da ya zo da CIDR a 1993, yana cewa bit 24 na farko sunan unguwa ne, ba a taɓa su. Takwas na ƙarshe ne namu. Bit takwas suna ba da lamba 256, daga 0 zuwa 255. Kowane gurbi a cikin takwas ɗin yana da nauyinsa, daga hagu zuwa dama: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1.

Na'ura ba ta san iyakar yanki da wata hanya ba sai ta abin da allo ke rubutawa `Subnet mask`, mu muna cewa maski. Shi kuwa maski abu ɗaya ya iya faɗa: daga hagu zuwa wannan gurbi sunan yanki ne, daga nan zuwa dama lambar na'ura ce. Layi ɗaya yake ja a tsakanin bit biyu. Ba shi da bakin da zai ce "daga 42 zuwa 83". Na ce wa yaron ya rubuta 41 da 42 da sifili da ɗaya. Ya rubuta `00101001` da `00101010`. Na ce ya nuna mini inda zai ja layin da zai sa 41 a wani yanki, 42 a wani, kuma kowane yanki ya ɗauki na'ura ashirin da wani abu. Ya duba ya duba. Bit shida na farko iri ɗaya ne a duka biyun, sai a biyun ƙarshe suka bambanta. In ka ja layi can ƙarshe, yankin ya zama na adireshi ɗaya ko biyu, babu abin da zai zauna a ciki.

Na yago takarda daga littafin na ninke ta biyu, na buɗe, gida biyu. Na sake ninkewa, gida huɗu. Na uku, gida takwas. Na ce masa kowane bit da ka ara daga ɓangaren na'ura ka mayar ɓangaren yanki ninki ɗaya ne. Ninki ba ya ba da uku, ba ya ba da shida. Daga huɗu sai takwas. Muna bukatar shida, huɗu ta yi kaɗan, don haka takwas, wato bit uku za mu ara. 24 da 3 sun zama 27. Rabonmu `/27` ne.

Maskin kuma daga nan yake fitowa. Bit uku na hagu a lamba ta ƙarshe sun zama 1, sauran biyar 0: `11100000`. Ka tara nauyinsu, 128 da 64 da 32, ka samu 224. Maski ya zama `255.255.255.224`. Ka cire 224 daga 256, saura 32. Wannan 32 ita ce girman kowane yanki, kuma ita ce takun da za a riƙa yi daga yanki zuwa yanki. Ana iya samo ta ta wata hanyar don a tabbatar: bit biyar suka rage wa na'ura, 2 sau 2 har sau biyar, 32. In hanyoyin biyu ba su haɗu a lamba ɗaya ba, an yi kuskure a wani wuri.

Amma samun takwas bai gama magana ba. Tambaya ta biyu ita ce ko sashen da ya fi kowa yawa zai shiga. A cikin 32 ɗin nan, na farko sunan yankin ne kansa, ba a ba na'ura. Na ƙarshe na shela ne, wanda in aka aika saƙo gare shi kowa a yankin zai ji, shi ma ba a ba kowa. Saura 30. Rauta za ta ɗauki ɗaya ta zama ƙofar fita, abin da allo ke kira `Default gateway`. Saura 29. Mutane da yawa suna tsayawa a 30 su manta da ƙofa, kuma na ga wurin da wannan guda ɗaya ya hana kwamfuta ta ƙarshe samun adireshi. Likitoci 21 ne, sun shiga, da sararin 8. Da sun kai 35, rabon daidai a wannan rukuni ya mutu, domin `/26` da zai ɗauke su yanki huɗu kawai yake bayarwa. Yaron ya tambaya me ya sa ba za mu ari bit huɗu mu samu yanki 16 ba, ko don gaba. Na ce ya lissafa da kansa. Girman yanki 16, a cire biyu 14, a cire ƙofa 13. Likitoci ba su shiga ba, ɗakin gwaji ma da 14 ɗinsa ya sha da guda ɗaya. Tsakanin `/26` da ya gaza a yawan yanki da `/28` da ya gaza a girma, `/27` kaɗai ke tsaye.

Rabon yana da tsadarsa, kuma na faɗa wa manaja. A da adireshi biyu kawai ake asara, 254 na aiki. Yanzu kowane yanki yana cin biyu, takwas sau biyu 16, saura 240, kafin a cire na ƙofofi.

Yaron ya ciro wata tsohuwar takardar darasi daga jakarsa wadda ta ce a cire biyu daga yawan yankunan ma, wato takwas su koma shida, kada a taɓa na farko da na ƙarshe. Ba ƙarya takardar ta yi ba, tsufa ta yi. Dokar ta fito ne daga RFC 950 ta 1985, kuma RFC 1878 ta 1995 ta ce an daina aiki da ita. Na'urorin yau suna karɓar yankin farko da na ƙarshe lafiya lau. A wajenmu ma abin ya fi ƙarfin zaɓi, tunda saba tana kan 10, cikin yankin farko.

Wa zai zauna a ina

Jera iyakoki aikin minti biyu ne: 0, 32, 64, 96, 128, 160, 192, 224. Kowace shela tana ƙasa da farkon yanki na gaba da ɗaya: 31, 63, 95, har zuwa 255. Na koya masa duba uku da nake yi kafin in yarda da takardata. Farkon kowane yanki dole 32 ta raba shi ba saura. Kowace shela mara ce, ba ta rabuwa biyu. Shela ta ƙarshe dole ta faɗo a kan 255 cif. In ta faɗo a 254 ko ta haura, an yi tuntuɓe a tara.

Inda na ɓata lokaci shi ne wurin zaman kowane sashe. A rubutun farko mun bi su a jere kamar yadda muka ƙirga, likitoci suka faɗo a 160, yankuna biyu na ajiya suka zauna a ƙarshe, 192 da 224. Na kalli takardar na ga ba ta yi mini ba. Likitoci su ne za su fara cika. Ranar da suka cika, abin da za a so shi ne a haɗa yankinsu da na kusa da shi ya zama `/26` mai adireshi 64. To amma yanki mai 64 sai ya fara a lambar da 64 ke rabawa: 0, 64, 128 ko 192. 160 ba ta ciki. Ko da 192 na nan a buɗe kusa da su, ba za a iya haɗa 160 da 192 ba, domin ninkin takardar bai bi ta nan ba. Abokin 160 shi ne 128, abokin 192 shi ne 224.

Sai muka sake zama. Likitoci suka koma 192, aka bar 224 fili a bayansu. Ɗakin gwaji, na biyu a yawa kuma wanda ake ta saya wa sababbin injuna, ya tsaya a 128, aka bar 160 fili a bayansa. Rabon bai daina zama daidai ba, yankuna biyun ajiya ne kawai aka ajiye inda za su yi amfani. Ga yadda takardar ta ƙare, duk da `192.168.10.` a gaba:

```
yanki    na aiki    shela  sashe
.0/27    .1-.30     .31    saba
.32/27   .33-.62    .63    kati
.64/27   .65-.94    .95    magani
.96/27   .97-.126   .127   kuɗi
.128/27  .129-.158  .159   gwaji
.160/27  .161-.190  .191   ajiya
.192/27  .193-.222  .223   likitoci
.224/27  .225-.254  .255   ajiya
```

A cikin yankunan sassan biyar tsari ɗaya muka bi. Adireshin farko na aiki na ƙofa ne. Biyar da ke biye na na'urorin da ake rubuta wa adireshi da hannu ne, firinta da injin gwaji. Sauran 24 na DHCP ne, mai raba wa kwamfutoci adireshi da kansa. A ɗakin kati ke nan ƙofa 33, na hannu 34 zuwa 38, na rabawa 39 zuwa 62. A rautar MikroTik da suke da ita, layukan ɗakin kati haka suka kasance:

```
/ip address add address=192.168.10.33/27 interface=vlan20
/ip pool add name=kati ranges=192.168.10.39-192.168.10.62
/ip dhcp-server add name=kati interface=vlan20 address-pool=kati disabled=no
/ip dhcp-server network add address=192.168.10.32/27 gateway=192.168.10.33
```

Dole in faɗi wani abu a nan, domin manaja ya ɗauka da an raba lambobi shi ke nan an raba sassa. Lamba kaɗai ba ta gina katanga. Sai an sa kowane sashe a nasa VLAN a kan suwic, wato a kasa suwic ɗin gida-gida yadda na'urorin wani sashe ba sa jin na wani kai tsaye, sannan a rubuta wa rauta dokar wanda zai wuce da wanda ba zai wuce ba, in ba haka ba ita rauta aikinta ke nan ta sada yanki da yanki. Amfanin rabon shi ne dokar ta zama gajera: `192.168.10.32/27` ya je `192.168.10.10`, kada ya je `192.168.10.96/27`. Wannan wani aiki ne daban, mun yi shi, amma a kan takardar nan ya tsaya.

Saura tsofaffin adireshi. Kwamfutar da ke karɓa daga DHCP ba ta da matsala, za ta karɓi sabo. Na'urorin da wani ya taɓa rubuta wa adireshi da hannu shekarun baya su ne ƙaya. Mun samu 12 a sassan biyar, ban da na ɗakin saba. Kowace sai mun gano yankin da tsohon adireshinta ya faɗa, kuma hanyar mai sauƙi ce: raba lambar ƙarshe da 32, ka yar da saura, ka ninka da 32. Firintar buga kati tana kan 100. 32 ta shiga 100 sau uku, uku sau 32 kuwa 96, ashe a sabon tsari tana tsakiyar yankin ofishin kuɗi alhali kebul ɗinta yana ɗakin kati. Ta koma 34. Firintar rasit ta kantin magani tana kan 63, lambar da ba ta da laifi jiya, yau kuma ta zama shelar ɗakin kati. Ta koma 66. Muka rubuta wa kowace tsohon adireshi da sabo a gefe da gefe.

Firintar da ke amsa wa na kusa kawai

Asibiti ba ya rufewa, don haka muka zaɓi daren Asabar bayan sallar isha, lokacin da layin kati ya yi sauƙi. Rauta da suwic muka fara, sannan saba, wadda adireshinta da ƙofarta ba su canza ba amma maskinta ya koma 224. Sai sassa ɗaya bayan ɗaya. A kowace kwamfuta `ipconfig /release` sannan `ipconfig /renew`, mu duba ta faɗo cikin yankinta. Na'urori 12 ɗin nan na raba mana, ni na ɗauki na kati da na gwaji. A kowace firinta muna buga takardar gwaji daga kwamfutar da ke kusa da ita. Duk suka buga. Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka tafi gida.

Da safe wayata ta yi ƙara. Shugabar ɗakin kati ce.

"Injiniya, ina kwana. Kati ya ƙi fita. Mutane sun taru, da hannu muke rubutawa."

Na iso na tarar da ita da biro tana cike kati, mata da yara a kan benci har bakin ƙofa. Firintar tana kunne, koren haskenta na nan, babu takarda da ta maƙale. Na buga takardar gwaji daga kwamfutar kusa da ita, ta fito nan take. Amma in an danna buga kati a cikin manhajar asibiti, shiru. A nan na tuna abin da na sani amma ban sa a lissafin gwaji ba: katin mara lafiya ba daga kwamfutar ɗakin yake zuwa firinta ba, saba ce ke aika shi. Jiya saba da firinta a yanki ɗaya suke. Yau akwai rauta a tsakaninsu.

Na bi abin a hankali. Daga kwamfutar kati, `ping 192.168.10.34`, umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, ya samu amsa. Daga saba, wannan umarnin ya dawo da `Request timed out.` Zargina na farko ya tafi kan dokokin da na rubuta wa rauta, ko na toshe hanya ban sani ba. Sai na gwada daga saba zuwa ɗaya firintar ɗakin, mai lamba 35, ta amsa. Hanya a buɗe take ke nan, tunda su biyun a yanki ɗaya suke, doka ɗaya ke kansu. Laifin yana jikin firintar kanta: tana jin na cikin ɗaki, ba ta amsa wa na waje.

Abu biyu ne ke kawo wannan, ko ƙofa ba daidai ba ko maski ba daidai ba. Akwai yadda ake bambance su. Na'urar da ƙofarta ta ɓaci ba ta kaiwa ko'ina a wajen yankinta, har intanet. Wadda maskinta ya yi faɗi kuwa tana iya kaiwa intanet lafiya, maƙwabtan yankuna ne kawai suke ɓace mata, kuma wannan ne ya sa ya fi wuyar ganewa. A firinta ba sai an yi dogon bincike ba, na danna ta buga takardar saitinta. Adireshi `192.168.10.34`, daidai. Ƙofa `192.168.10.33`, daidai. `Subnet Mask` kuma `255.255.255.0`. Ni na saita ta da daddare, na canza layi biyu na bar na tsakiya yadda yake.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Saƙon saba yana isowa firinta ba matsala, rauta ta kawo shi. Da firinta ta tashi mayar da amsa ga 10, sai ta ɗora maskinta a kai ta duba ko na gida ne. Da maskin 224, bit uku na farko na 10 su ne `000`, nata na 34 kuwa `001`, sun bambanta, sai ta miƙa wa ƙofa. Amma da maskin 0 ba ta duba lamba ta ƙarshe sam. Ta ga `192.168.10` iri ɗaya, ta ɗauka saba tana ɗakin. Sai ta yi ta kira da ARP, tana tambayar wa ke da 10, a cikin VLAN ɗin da babu mai wannan lamba. Ba wanda ya amsa, amsarta ba ta taɓa barin ɗakin ba. Akwai rautocin da ke amsa irin wannan kira a madadin na waje, na Cisco da yawa haka suke zuwa da `ip proxy-arp` a kunne, kuma a kansu kuskuren zai iya ɓoyewa shekara da shekaru. Tamu ba ta yin haka sai an ce ta yi, kuma ban kunna mata ba. Na fi son kuskure ya fito a gyara shi.

Na mayar da maski `255.255.255.224`, na kashe firintar na kunna. Katunan da suka taru a layi suka fara fitowa a jere. Na ba shugabar ɗakin haƙuri, domin awa biyu da ta yi tana rubutu da hannu daga wajena suka fito. Ta ce, "Ba komai, Injiniya, tunda ya tashi."

Gwajin da muka yi da daddare shi ne bai isa ba. Buga takarda daga kwamfutar da ke yanki ɗaya da firinta ba ya taɓa maski, ba ya taɓa ƙofa, adireshi kawai yake tabbatarwa. Kafin mu bar asibitin ranar, na zaunar da yaron a gaban saba da jerin na'urori 12 ɗin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da `ping` daga can, ni kuma ina zagayawa ina buga takardar saitin kowace ina karanta layuka ukun da ido. Sauran 11 daidai suke.

Mun sake rubuta jadawalin da kyau, aka manna shi a cikin ƙofar akwatin suwic, maski da manyan lambobi a sama. A ƙasa na ƙara bayani don ranar da likitoci za su cika 29. Yankin zai koma `192.168.10.192/26`, ƙofa tana nan a 193, babu na'urar da za ta canza adireshi, DHCP zai miƙe har 254, maski ya zama `255.255.255.192`. Firintocinsu uku sai an bi su da hannu an canza musu maski a ranar, domin 223 za ta zama adireshin kwamfuta kamar kowanne, firintar da aka bari a kan maskin 224 kuwa za ta ci gaba da ɗaukarta a matsayin shela. Da na koma duba wurin bayan wata uku, an ƙara ɗakin ganin likita guda biyu da kwamfuta ɗaya a ofishin manaja, yankin ya kai 24.